Rubutun rediyo kan awon ciki: ku duba mini kafin mu shiga ɗauka

Hajara: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. An ba ni aikin rubuta saƙo na minti 2 da za a riƙa sakawa a cikin shirin mata na tasharmu a nan Gombe, domin jan hankalin masu juna biyu su riƙa zuwa awo. Ga abin da na fara rubutawa:

"Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, awo garkuwa ne gare ki da abin da ke cikinki. Kada ki ji tsoro, babu abin fargaba a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ki je awo sau 8 kafin ki haihu. Ma'aikata na jiran ki da fara'a, magani kyauta ne, kuma za ki sauka lafiya. Ki watsar da camfi, ki garzaya asibiti mafi kusa."

Jiya da daddare na karanta wa gwaggona da ta zo daga Dukku. Tana tsince shinkafa a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba, sai ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tsintarta. Daga nan na san akwai abin da ya rage. Ina roƙon waɗanda suka san aikin awo da waɗanda suka taɓa zuwa su gaya mini gaskiya, domin ranar Alhamis za mu ɗauka.

Sista Laraba: Wa alaikis salam, Hajara. Gwaggonki ta yi miki kara, domin da ni ce zan ce miki wannan saƙon ba da ni yake ba. Na shekara fiye da 20 ina karɓar awo, rabinsu a ƙananan asibitocin karkara, kuma ban taɓa ganin macen da ta daina jin tsoro don an ce mata kada ta ji ba. Tsoron nan yana da suna. Yarinya mai cikin fari abin da ke ranta shi ne za a tuɓe ta a gaban mutane, ko namiji ya sa mata hannu. Wata tana tsoron jinin da za a ɗiba, wata allura, wata kuma ƙwayar ƙarin jini da aka ce tana sa ɗa ya yi ƙato har sai an yi tiyata. Idan saƙonki bai ambaci ko ɗaya daga ciki ba, mai sauraro za ta gane cewa mai maganar ba ta san abin da ke damunta ba.

Maganin tsoron farko shi ne ki shigar da ita ɗakin awon da baki, ta ga abin da ke ciki tun kafin ta je. Za a yanka mata kati, a tambaye ta haihuwa nawa ta yi da lokacin da ta ga al'adarta ta ƙarshe, ta hau sikeli, a ɗaura mata abin awon jini a damtse, a ba ta 'yar kwalba ta kawo fitsari, a ɗebi jini kaɗan. Sannan ta hau gado ita da ma'aikaciya, a ɗaga riga daga saman ciki kawai, zani yana nan a ɗaure. Idan cikin ya ɗan tasa a auna tsawonsa da tef irin na tela, a lalluba yadda ɗan yake kwance, a kara ɗan mazurarin nan a saurari bugun zuciyarsa. A awo na yau da kullum ba a sa hannu a gaba, sai in mace ta zo da ƙorafi, kamar ruwa mai wari ko alamar naƙuda, kuma shi ma sai an faɗa mata ta amince. Mata da yawa sun ɗauka abin da ake yi ranar haihuwa shi ake yi kowace ranar awo. Wannan jimla ɗaya, cewa zaninki yana jikinki, ta fi "kada ki ji tsoro" sau goma.

Kalmar "camfi" kuma ki cire ta. Uwar mijin da za ta ba da izini tana zaune kusa da rediyon, kuma ta san da ita kike.

Baban Sadik: Malama Hajara, ni a nawa ganin kin yi kuskuren wanda kike yi wa magana. Matata ba ta taɓa cewa tana tsoron asibiti ba, amma kuɗin mashin daga ƙauyenmu zuwa Kumo da dawowa daga aljihuna yake fita, kuma ranar awo ranar aiki ce. Idan kin gamsar da mace alhali maigida bai gamsu ba, kin ƙara mata damuwa ne kawai. Sannan maganar "kyauta" ki yi hattara da ita. Mun taɓa jin haka a wata sanarwa, na kai ta ba tare da kuɗin kirki ba, aka ce kati da gwajin jini da hoton ciki kowanne da kuɗinsa, muka dawo da ƙwayoyi kawai. Ranar ban ji daɗin rediyo ba, kuma duk majalisarmu sai da ta ji labarin.

Sista Laraba: Baban Sadik ya faɗi gaskiya a kan kuɗi. Abin da ake biya ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti, kuma ko abin da aka saba bayarwa kyauta, irin su fansida da gidan sauro, wata rana yakan yanke. Wadda take cikin Go-Health, tsarin inshorar lafiya na jihar nan, hukuncinta daban da wadda ba ta ciki. Rubutun da za a saka a jihar da take da ƙananan hukumomi 11 ba zai iya yin alkawarin farashi ɗaya ba. Ki ce kawai a tambayi asibitin unguwa ranar da suke awo da abin da ake biya, kafin ranar ta zo.

Maman Ummi: Ni ina so in yi magana a kan "za ki sauka lafiya." Don Allah a cire shi, sauka lafiya na Allah ne, kuma na ga abin da irin wannan alkawarin yake jawowa. Ƙanwata ta yi awo sau 5 a cikinta na fari, kullum ana ce mata jininta lafiya lau. Tana cikin wata na 8 ta tashi da ciwon kai mai tsanani, fuskarta ta kumbura har zobe ya ƙi fita daga yatsarta, tana cewa tana ganin wasu taurari-taurari. Muka ce ai makon jiya aka auna ta aka ce ba komai, ranar awonta kuma saura kwana 9, bari ta sha farasitamol ta kwanta. Kafin asuba jijjiga ta kama ta. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ɗan bai zo da rai ba. Har yau surukarta cewa take yi awon bai hana komai ba, kuma ta hana sauran matan gidan zuwa. Mu kuwa ba mu san cewa akwai abin da ba a jiran ranar awo a kansa ba. Da wani ya faɗa mana a rediyo, da tun la'asar muka tafi.

Hajara: Allah ya jiƙan yaron, Anti, ya sa mai ceto ne. Na cire wannan jimlar. Amma ga damuwata: an ce mini saƙon ya kasance mai sanyaya rai, idan kuma na shigo da jijjiga da zubar jini, ba zan ƙara wa mata tsoron da nake son cirewa ba?

Sista Laraba: Ya danganta da yadda kika jera su. Idan kika ce "in ba ki je ba za ki mutu," kin yi barazana, kuma macen da ta haifi 6 a gida lafiya za ta yi miki dariya. Idan kuwa kika ce "ga abin da in kin gani, ki zo ko da tsakar dare ne, ba sai ranar katinki ba," kin ba ta abin riƙewa a hannu. Abin da Maman Ummi ta kwatanta shi ne ainihin dalilin da ya sa ake son zuwa ya yi yawa a ƙarshen ciki. Hawan jinin masu ciki yana bayyana ne bayan mako 20, kuma yana iya tashi a cikin 'yan kwanaki. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 muna sa ido, mu duba fitsari, domin sau da yawa mai shi ba ta jin komai. Na taɓa auna wata da ta zo tana raha da ƙawayenta a kan benci, na sami 160 bisa 110, na sake aunawa bayan ta huta na sami haka, na rubuta mata takardar zuwa babban asibiti nan take tana rantsuwa cewa lafiyarta ƙalau. Wannan shi ne abin da ba a iya ganewa a gida komai ƙwarewar ungozoma, kuma shi ya kamata ya zama zuciyar saƙonki, domin shi ne amsar matar da ke cewa ai ba ta da ciwo.

Malam Buba: Ni shawarata a bar wannan magana gaba ɗaya. Duk lokacin da aka fara kiran mata asibiti a rediyo, ƙarshenta maganar ƙayyade iyali ce. Mutanenmu na Nafada da Bajoga sun gane wannan, shi ya sa suke kashe rediyo. In dai tazarar haihuwa kuke son tallatawa, ku fito fili ku faɗa.

Hajara: Baba, ranka ya daɗe, saƙon nan ba na tazarar haihuwa ba ne, na macen da cikin ya riga ya shiga ne, ana neman ta sauke shi da rai da lafiya. Amma na gode, domin ka tuna mini da abin da gwaggona ta taɓa faɗa, cewa allurar da ake yi a wajen awo tana tsayar da haihuwa. Sista, yaya kuke amsa wannan?

Sista Laraba: Malam Buba ya karkata daga tambayar, amma ya taka inda ƙayar take. Allurar da muke yi a damtse ta rigakafin ciwon sarƙewar haƙora ce, wanda yake kama jariri ta cibiya idan an yanke ta da reza marar tsabta ko an shafa mata wani abu. Tsofaffi sun san shi sarai: jariri ya kwana 5 ko 7 yana shan nono lafiya, sai ya ƙi kama mama, bakinsa ya ɗaure, jikinsa ya sandare. Uwa ce ake yi wa allurar domin kariyar ta bi jini ta isa ga ɗan. Wadda ba ta taɓa yi ba ana yi mata sau 2 a cikin, tsakaninsu mako 4, kuma ana son ta biyun ta riga haihuwa da aƙalla mako 2, wanda shi ma dalili ne na fara awo da wuri. Amsar da na ga tana shiga kunnen maza ita ce, irin allurar nan ce ake yi wa maigida idan ya taka ƙusa a gona. Ba na tsayawa rantsuwa cewa ba ta hana haihuwa, nakan nuna wata a kan benci mai ciki na 7 in ce wannan tun cikin fari ake yi mata.

Anti Jummai: Ina da gyara a kan fansida, tun da an ambace ta. Ya kamata saƙon ya ce mace ta fara sha da zarar ta gane tana da ciki, domin zazzaɓin cizon sauro shi ne yake zubar da ƙaramin ciki, kuma da damina a nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ni a kemis nake saye in sha tun wata na farko. Maganar ƙwayar ƙarin jini kuwa, ku yi haƙuri, akwai gaskiya a ciki. 'Ya'yana da na sha musu ita sun fi sauran nauyi.

Sista Laraba: Jummai, kin yi daidai cewa zazzaɓi yana ɓarar da ciki, amma kada Hajara ta rubuta a fara fansida tun watan farko. Ba a bayar da ita a watanni 3 na farko. Daga mako 13 ake farawa, ƙwaya 3 a haɗiye lokaci ɗaya a gaban ma'aikaciya, a sake bayan wata guda ko fiye, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Wadda saftirin yake yi wa ƙuraje ko kumburi dole ta faɗa, domin danginsu ɗaya. Kariyar watannin farko gidan sauro ne, in kuma zazzaɓi ya zo a je a yi gwaji. Rediyo ba wurin koyar da shan magani ba ne, abin da za a ce shi ne za a ba ki idan lokacinsa ya yi.

Maganarki ta biyu ita ce mai wuya, kuma ina so Hajara ta saurara, domin nan ne masu rubutu suke yin ƙarya da kyakkyawar niyya. Gaskiya ne macen da take da isasshen jini ɗanta yakan fi na marar jini nauyi. Abin da ƙwayar take ragewa shi ne a haifi ɗa ɗan firit, ƙasa da kilo 2.5, irin wanda ɗan sanyi kaɗan yake kayarwa. Ba ita take kawo ƙaton da ke maƙalewa ba, wannan sau da yawa ciwon suga ne a jikin uwa, ko kuma gado. Idan kika ce "ba ta ƙara wa ɗa komai," Jummai da ire-irenta za su ƙaryata ki daga abin da suka gani da idonsu. Ki ce tana sa ɗa ya cika, ke kuma ta tara miki jinin da za ki zubar ranar haihuwa. Sannan ki faɗi abin da kowa yake ɓoyewa: tana mayar da bayan gida baƙi, takan sa tashin zuciya ko taurin ciki. Mata nawa ne suka ga baƙin nan suka firgita suka zuba sauran a masai? Da an gaya musu tun farko da ba su daina ba. A sha bayan abinci, kuma kada a kora da shayi, domin shayi yana rage wa jiki ɗaukarta.

Anti Jummai: Na karɓi ta fansidar. Ta nauyin kuwa har yanzu ina ganin yarinya ƙarama mai ƙaramin ƙugu tana da hujjar yin fargaba.

Sista Laraba: Tana da hujja, shi ya sa ita ce ta fi kowa bukatar a auna ta, a kuma shirya inda za ta haihu tun kafin naƙuda. Hana ta jini ba zai faɗaɗa mata ƙugu ba.

Yakubu: Ni ta fuskar ɗauka zan yi magana, domin na daɗe ina haɗa irin waɗannan saƙonni. Duk abin da aka faɗa a nan ba zai shiga minti 2 ba, in kuma aka cusa shi mai karatu zai riƙa gudu kamar mai sanarwar cigiya. Ki karanta da baki kina duba agogo, ki bar wurin numfashi. Shawarata a raba shi gida 3 ko 4, kowanne da tsoro ɗaya, muryoyin su zama iri ɗaya domin a saba da su. Kuma murya ɗaya tana wa'azi ba ta kama mata kamar hira tsakanin biyu. Ki sa tsoron a bakin mai tambaya da irin kalmominta, amsar kuma ta fito daga wadda ake jin nauyinta, ba daga likita mai dogon Turanci ba. Kada a manta da na Fulfulde, kuma kada a ba wani ya fassara kalma da kalma, a sami mai harshen ta sake tsara hirar. Batun "sau 8" kuwa ni da za a bi tawa a cire lambar. Matar da tafiyar awa 1 ce tsakaninta da asibiti, idan ta ji 8 za ta ce wannan ba nata ba ne, ta fasa har na farkon.

Sista Laraba: A nan ba mu haɗu ba, Yakubu. Da sau 4 ake cewa, a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi 8, na farko a cikin mako 12 na farko, sannan mako 20, 26 da 30, sauran 4 kuma duk daga mako 34 zuwa 40. Ka ga rabinsu a ƙarshen ciki suke, daidai inda ƙanwar Maman Ummi ta gamu da nata. Idan mata ba su ji cewa zuwan yana yawaita a ƙarshe ba, za su yi abin da suka saba: su zo sau ɗaya a wata na 6 su yanki kati domin kada a yi musu faɗa ranar haihuwa, shi ke nan.

Yakubu: Ana iya faɗin cewa yana yawaita a ƙarshe ba tare da an kira lamba ba, Sista. Amma na bar wa mai rubutu.

Hajara: Na kwana a kai. Na bi shawarar rabawa, ga kashi na farko, wanda ya shafi kunya da ɓoye ƙaramin ciki, domin a ganina shi ne ƙofar sauran. Hira ce tsakanin amarya da yayar mijinta, da yamma, ana jin ƙarar wanke-wanke.

"Yaya: Amarya, kwana biyu ina lura da ke. Ko ƙamshin miya ba kya so. Wata nawa?

Amarya: Kai, Yaya, don Allah ki rufa mini asiri. Biyu ne da 'yan kwanaki. Ko Inna ban faɗa wa ba.

Yaya: Masha Allah. Asirinki a rufe yake, ni ma na ɓoye nawa na fari, kunya ado ce. Amma akwai mutum ɗaya da ba a ɓoye wa, ita ce mai awo.

Amarya: Tun yanzu? Ai ko fitowa bai yi ba, kuma lafiyata ƙalau. In na je gari zai ɗauka.

Yaya: Wa ya san abin da ya kai ki? Mai ciwon kai ma can take zuwa. Kuma awo ba sai marar lafiya ba. Akwai hawan jinin da ba ya ciwo, akwai ƙarancin jinin da sai an auna ake gani.

Amarya: Ni abin da nake gudu, an ce tuɓe mutum ake yi.

Yaya: Zaninki yana jikinki. Za a auna nauyinki, a auna jininki a damtse, a duba fitsari, a ɗebi jinin da bai wuce ƙaramin cokali ba. Sai ki kwanta ta taɓa cikin daga sama. In kin fi son mace ta duba ki, ki faɗa, ba laifi ba ne.

Amarya: In suka yi mini tsawa fa?

Yaya: Wata rana layi yakan yi tsawo, mai aiki ta gaji. Ki karya kumallo kafin ki fita, ni zan raka ki, kuma ni zan yi wa ƙanena magana yau da daddare ya tanadi na mota.

Mai gabatarwa: 'Yar'uwa, ki fara awo kafin cikinki ya cika wata 3, ki koma duk ranar da aka rubuta miki a kati. Idan kuwa kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi, kada ki jira ranar awo, ku tafi ko da dare ne. Maigida, izininka da rakiyarka su ne farkon awon. Allah ya raba lafiya."

Na karanta da agogo, ya ɗan haura minti 2 kaɗan. Allura da ƙwayar ƙarin jini suna kashi na biyu, inda uwar miji ce za ta yi tambaya, na uku kuma na wadda ta haifi da yawa a gida ce.

Maman Ummi: Wannan ya shiga jikina. Na ji daɗin yadda ba a musanta tsawar ba, domin duk wadda ta taɓa zaman benci ta san ana yi. Abu ɗaya: a cikin alamomin ba ki sa fashewar faya kafin lokaci da raguwar motsin ɗa ba.

Hajara: Da gangan na bar su, Anti, domin amaryar nan cikinta wata 2 ne. Suna ƙarshen kashi na uku tare da jijjiga.

Sista Laraba: Ya yi kyau ƙwarai, amma ina da gyara 2. "In kin fi son mace ta duba ki, ki faɗa" daidai ne matuƙar ba ki ƙara cewa za a ba ta ba, domin akwai ƙananan asibitocin da wata rana namiji ne kaɗai a bakin aiki. Ki bar shi yadda yake, kada mai karatu ya yi masa ƙari a ɗakin ɗauka. Na biyu, maganar jini. Ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ya fi zama gaskiya, kuma ba ki faɗi abin da ake dubawa ba. Ana duba yawan jini da rukuninsa, ana duba tunjere da ciwon hanta, ana kuma duba cuta mai karya garkuwar jiki, bayan an yi wa mace bayani. Akwai matan da wannan gwajin na ƙarshe ne yake hana su zuwa, ba don suna zargin kansu ba, sai don tsoron abin da zai biyo baya a gidan miji idan sakamako ya fita. Ni ina ganin a faɗe shi a fili, a ce sakamakon sirri ne tsakaninta da ma'aikaciya, kuma in an samu akwai maganin da ke kare ɗan daga ɗauka.

Baban Sadik: Sista, a nan zan saɓa miki. Idan maigida ya ji sunan wannan cutar a saƙon awo, wani zai ce matarsa ba za ta je a yi mata ƙazafi ba. A bar shi sai ta isa can ku yi mata bayani ku biyu.

Sista Laraba: In ta isa ta tarar da abin da rediyo bai faɗa ba, mun koma gidan jiya, irin abin da ya same ka da maganar kyauta. Amma na yarda ba a kashi na farko ba.

Yakubu: Domin rage tsawon, a cire "kunya ado ce," a kuma haɗe tambayar tsawa da ta raka. Muryar Yaya a nemo mace mai shekaru da ba ta karatu kamar labarai. Idan aka samu, a saka shi da hantsi lokacin da mata ke aikin gida, a maimaita bayan isha'i domin maza su ji jimlar ƙarshe.

Hajara: "Kunya ado ce" zan bari, Yakubu, domin da na sake karanta wa gwaggo yau da safe, a nan ne ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wannan yayar tana da hankali." Zan rage daga bakin mai gabatarwa. Lambar 8 ba ta cikin kashi na farko, zan gwada ta a na uku in ji yadda za ta zauna a bakin Yaya. Maganar gwajin kuma zan rubuta ta iri biyu, mai suna da marar suna, in kai wa Sista ranar Laraba da safe, mu karanta wa matan da ke jiran awo idan sun yarda, mu ji wanda suka zaɓa kafin Alhamis. Sista, ƙarfe nawa kuke fara kiran kati?

Sista Laraba: Ƙarfe 8, amma ki zo da 7 da rabi, lokacin benci ya cika kuma ba a fara ba.